Sabis cike, magana na yankewa: abin da jirgin Haramain ya koya mini

Aikina auna ingancin sabis ɗin waya ne a Jidda, kuma cikin koken da ke zuwa mana babu mai ɗaure kai kamar na fasinjojin jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina. Wani dattijo ɗan Kano da ya zo Umra ya taɓa miƙo mini wayarsa a cikin tarago, ya ce, "Ɗana, duba mini. Sabis cike yake, amma Hajiya sai cewa take ba ta ji na." Na ce, "Baba, wayarka lafiya lau, gudun jirgin ne." Sandunan nan na fuskar waya matsakaicin ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna saurin da yake canjawa.

Jirgin yana kai kilomita 300 a awa, wato kusan mita 83 a daƙiƙa. Idan waya ta nufi ƙarfen sabis da wannan gudu, firikwensin da ke iso mata, wato yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, yakan ɗaga sama, in ta ba shi baya ya sauka, kamar yadda hon ɗin mota ke sauya murya idan ta wuce ka a guje. Wannan shi ne sauyin Doppler, kuma lissafinsa gajere ne:

```
fd = v × f / c
```

A nan fd shi ne sauyin, v gudun jirgi, f firikwensi, c kuma gudun haske. A kan 1800 MHz, da gudun jirgin nan, ya kama 500 Hz. A kan 3.5 GHz na 5G ya kusa 1000 Hz. Sannan wayar tana daidaita kanta da abin da ta karɓa kafin ta mayar da amsa, don haka a wajen ƙarfen sauyin yakan ninka. Mafi wuya shi ne lokacin da jirgi ya gifta ƙarfen da ke dab da layin dogo, inda ƙarin 500 ke juyewa ya koma ragin 500 cikin ɗan lokaci.

Duk da haka wannan ɓangaren yana da magani. A fili, cikin sahara, inda sigina ke zuwa kai tsaye ta hanya guda, waya tana iya auna sauyin ta gyara. Inda aikin ke tsauri shi ne shigowa gari, ga gine-gine, ga gadoji, ga rumfar tasha. Siginar tana bugun kowanne ta dawo, sai ta iso ta hanyoyi da yawa, kowace da kusurwarta da nata sauyin Doppler. Wata da ƙari, wata da ragi, babu gyara ɗaya da zai dace da su duka. A wani wuri su haɗu su ƙarfafa juna, a gaba kaɗan su kashe juna, sigina ta faɗa rami. Tsawon zangon igiyar siginar 1800 MHz bai kai santimita 17 ba, saboda haka tsakanin wannan ramin da na gaba kusan santimita 8 ne, bai kai tsawon wayar kanta ba. Mai tafiya a ƙasa a hankali yake ratsa su. Jirgi kuwa yana cinye santimita 8 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, wato milisakan ɗaya.

A nan ne darasin yake a wurina. A 4G waya tana auna ingancin hanyar da sigina ke bi, ta aika wa ƙarfe rahoton da ake kira CQI, shi kuma ya zaɓi yawan bayanan da zai ɗora mata. Kafin rahoton ya isa a yi aiki da shi, milisakan da dama sun wuce. Mu ɗauka 8 ne: jirgi ya yi gaba da santimita 67, ya ratsa ramuka wajen takwas. Ƙarfen yana aiko kaya gwargwadon hanyar da ta riga ta shuɗe. Bayanai su lalace, a sake aikowa, murya ta tsinke.

Shi ya sa idan koke ya zo ba na tsayawa kan RSRP, wato ƙarfin sigina. Ina ɗora shi kusa da BLER, wato kason bayanan da suka iso a lalace, sannan na haɗa da gudun jirgi a wannan lokacin. In RSRP ya faɗi tare da inganci, ƙarancin sabis ne, ƙarin ƙarfe zai taimaka. In RSRP yana nan daram amma BLER yana hawa duk sanda jirgi ya ɗau gudu, ya sauka idan ya rage zai shiga tasha, to saurin canjin hanya ne. Abin yana ci mini rai idan na ji an ce a ƙara wutar eriya a irin wannan hali, don kuɗi ne za a kashe a banza, alhaji kuma bai ji muryar iyalinsa ba. Abin da ke aiki shi ne a mayar da wayoyin cikin jirgi kan firikwensi na ƙasa kamar 800 ko 900 MHz, inda sauyin ke raguwa zuwa kusan rabi, a kuma saita ƙarfen ya daina dogara da rahoton nan take, ya riƙa ɗora kaya daidai da matsakaicin hanya ko da saurin intanet zai ɗan ragu.