Fensir, gawayi da abin yankan gilashi: yadda na auna kabon da ɗalibaina a Sakkwato

Kusan duk ɗalibin kimiyya da ya kai aji biyu na babbar sakandare ya haddace cewa daimon da girafait duka kabon ne, daimon ya fi komai tauri amma ba ya ɗaukar wutar lantarki, girafait kuma yana da laushi yana ɗaukar wuta. In ka tambaye shi dalili sai ya ce ai haɗin ƙwayoyin girafait ba shi da ƙarfi. Wannan amsa ita ta fi damuna, domin rabinta kuskure ne, kuma ina ganinta a takardun jarrabawa shekara da shekaru. Shi ya sa a zangon da ya wuce na ajiye alli, na ce sai mun auna da hannunmu.

Kayan ba su da tsada. Na sayi fensira masu lamba 2H da HB da 6B a kantin littattafai, na ari mitar awon wutar lantarki wajen wani mai gyaran rediyo a Tsohuwar Kasuwa, na haɗa da batir mai bolt 9 da ƙaramin ƙwan LED ja. Yara suka zo da gawayi daga gida, wani kuma ya karɓo mana guntun wanda ya fito daga maƙera. Na ciro baƙin sandan da ke tsakiyar tsohon batirin tocila, irin mai arha na zink da kabon. Wannan kaɗai ake buɗewa, shi ma malami ne zai buɗe da safar hannu. Batirin waya ko kaɗan ba a taɓa shi, yana iya kamawa da wuta.

Kafin mu kunna mita sai da muka gina siffar abin. Muka mulmula laka ƙanana daidai ƙwayar gyaɗa, muka huda su da tsinken sakace tun suna da danshi. Kowace ƙwayar kabon tana da ilektiron 4 da take ƙulla haɗi da su, don haka na ce wa kowane rukuni su riƙa lissafin huɗun nan, kada ko ɗaya ya ɓace musu. A daimon, kowane mulmule yana samun tsinke huɗu, uku suna buɗewa ƙasa, ɗaya yana kallon sama, da kusurwar digiri 109.5 tsakanin kowane biyu. Kowane tsinke ya ƙare a jikin wani mulmule wanda shi ma yake da huɗunsa, haka har iyakar dutsen. Da ginin ya bushe, yara suka danna shi ta sama, ta gefe, ta kowace fuska, ba inda ya ba da hanya. Ba yadda za ka gusar da ƙwaya ɗaya sai ka karya tsinke.

A girafait tsinke uku ne kawai, a kwance, digiri 120 tsakaninsu, sai zobba masu kusurwa shida su fito su zama shimfiɗa. Muka yi shimfiɗa biyu muka ɗora ɗaya kan ɗaya ba tare da tsinke a tsakani ba. Da ɗan yatsa ɗaya ta sama ta zame. A nan na rubuta lambobi uku a allo. Nisan ƙwaya da ƙwaya a daimon nanomita 0.154 ne. A cikin shimfiɗar girafait 0.142 ne, wato ya fi gajarta, kuma haɗin ya fi na daimon ƙarfi. Amma daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa 0.335 ne, fiye da ninki biyu, kuma abin da ke riƙe su jan juna ne mai rauni. Girafait kamar tabarmi ne da aka jibge: ba ka iya yaga guda da hannu, amma kana iya zare ta daga cikin tulin ba wahala. Idan fensir ya yi rubutu, shimfiɗu ne suke zamewa suna manne wa takarda. Wannan sarari da ke tsakani shi ya sa girafait ya fi sauƙin nauyi, giram 2.26 a kowace santimita kubik, alhali daimon yana kai 3.5.

Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to na huɗun ina ya tafi? Uku kawai muka soka." Tambayar da nake jira ke nan. Ilektiron na huɗu a girafait ba a ɗaure shi tsakanin ƙwaya biyu ba, yana yawo a faɗin shimfiɗar baki ɗaya, shi ne kuma yake ɗaukar wuta. A daimon duk huɗun suna ɗaure, kuma kafin ka kwance ɗaya sai ka ba shi ƙarfin da ya kai ilektiron-bolt 5.5, abin da zafin ɗaki, ko da na watan Afrilu ne a garin nan, bai kusa bayarwa ba.

Sai muka koma awo. Muka fiƙe kowane fensir ta gaba da baya, muka sa mita a kan 200 a ɓangaren Ω, wato om, ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya, muka taɓa bakin nan da bakin can. Na 6B ya nuna om kaɗan, ƙasa da goma. Na HB ya haura, wajen ashirin. Na 2H ya fi su duka. Dalili shi ne bakin fensir ba zallan girafait ba ne, an cuɗa shi da yumɓu an gasa, dabarar da Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795. Yawan yumɓu shi ke ƙara tauri, shi ne kuma yake tare wa wuta hanya. Lambobin za su bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma jerin ba ya canzawa. Wani fensirin ya ƙi nuna komai, mita ta tsaya a kan 1 ita kaɗai a gefen hagu. Da muka tsaga katakon, ashe bakin ya karye a ciki saboda faɗuwa. In ka ga haka, ka fara zargin karaya.

Awon da ya fi koya musu abu shi ne na zane a takarda. Da 6B muka ja layi mai tsawon santimita 10 da faɗin rabin santimita, muka yi ta gogawa har ya yi ƙyalli. Muka mai da mita kan 200k, ta nuna kusan kilo-om 50. Da muka auna rabin tsawon sai lambar ta sauko kusan rabi, da muka faɗaɗa layin ta ƙara sauka. Na sa su lissafta kafin mu haɗa ƙwai: batir yana ba da bolt 9, jan LED yana cin kusan 2, saura 7. In ka raba 7 da 50,000 za ka sami miliamfa 0.14. Na tambaye su ko zai kama. Yawancinsu suka ce a'a. Ya kama, amma dishi-dishi, sai da muka rufe tagogi muka kare shi da tafin hannu. Da muka riƙa jan wayar tana matsowa a kan layin, hasken ya riƙa ƙaruwa a idonsu. Ƙwan tocila mai zare ba zai kama da wannan ƙaramar wuta ba, kada a ɓata lokaci da shi. Kuma a sa rizista mai om 470 a layin, don idan wayoyi biyun suka haɗu LED ɗin yana ƙonewa nan take.

Akwai abin da ke ɓata wannan awo a yanayinmu. Yaro zai danne ƙarfen mita da yatsu biyu masu gumi, sai wuta ta bi ta jikinsa ita ma, lambar ta faɗi ƙasa da gaskiya tana rawa. Yadda za ka gane shi ne ka ce ya ɗaga ƙarafan daga takarda yana riƙe da su. In mita ta ci gaba da nuna lamba, jikinsa take aunawa. Maganin shi ne a riƙe ta wajen roba, ko a matse da kilif.

Gawayi ne ya ba mu mamaki. Sandan batir ya ɗauki wuta sosai, om kaɗan. Gawayin girki kuwa yawancinsa mita ba ta ko motsa ba, alhali guntun da ya sha zuga a maƙera ya nuna lamba. Duka baƙaƙe ne, duka kabon ne galibi. Bambancin yana wajen zafin da suka sha. Itacen da aka ƙone a rami a rufe da ƙasa ba ya samun zafi mai yawa, don haka akwai sauran haidirojin da oksijin a jikinsa, zobban masu kusurwa shida ƙanana ne a warwatse, ilektiron ba shi da gadar tsallakawa. Idan zafi ya haura digiri 700 zuwa 800, gutsattsarin shimfiɗun suna girma har su taɓa juna, hanya ta buɗe. A ganina wannan ya fi kowane misali nuna cewa yadda ƙwayoyin suka jeru shi ke hukunci.

Daimon ne ya yi wuyar samu. Wani mai haɗa tagogin alminiyom ya ba mu aron abin yankan gilashinsa, yana ce masa daimon. Da muka taɓa bakinsa da mita sai ya nuna yana ɗaukar wuta. Na duba da kyau, ɗan ƙaramin faifai ne mai juyawa, irin na tangistin kabaid, wanda yake yanka gilashi kuma yake ɗaukar wuta. Yankan gilashi ba shaidar daimon ba ne. A ma'aunin tauri na Mohs gilashi yana wajen 5.5, yashin ma'adinin kwaz yana 7, daimon yana 10, girafait kuma tsakanin 1 da 2. Duk abin da ya haura gilashi zai karce shi. Na daimon na gaske ba ya juyawa, ɗan tsinin dutse ne da aka dasa a ƙarfe, kuma ko shi sai an yi hattara, don ƙarfen da ke riƙe da shi yana iya ruɗar da mita. Daga baya muka sami irinsa, muka ɗora bakin allura a kan dutsen kaɗai, mita ba ta nuna komai ba.

Na ja musu kunne kan abu biyu game da shi. Tauri yana nufin ƙin karcewa, ba ya nufin ƙin fashewa: guduma tana fasa daimon, domin akwai fuskokin da yake tsagewa ta kansu. Sannan rashin ɗaukar wuta bai hana shi ɗaukar zafi ba. Yana wuce da zafi kusan sau biyar fiye da jan ƙarfen waya, saboda girgizar ƙwayoyi tana ratsa wannan ƙaƙƙarfan gini da sauri ba tare da buƙatar ilektiron mai yawo ba. Na'urar hannu da masu sayar da kayan ado suke gwada daimon da ita wannan halin take aunawa.

Sauran siffofin kabon mun taɓa su a gurguje, tunda ba mu da su a hannu. Muka manna salatif a kan zanen 6B muka ɗaga, ya fito da baƙi. Da irin wannan dabara Andre Geim da Konstantin Novoselov suka raba shimfiɗa guda tak a Manchester a 2004, wato girafin, suka sami kyautar Nobel a 2010. Namu ya ƙunshi shimfiɗu masu yawa haɗe da yumɓu, na gaya musu haka. Sai C60 da aka gano a 1985, ƙwayoyi 60 a dunƙule, zobba 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida. Na ba su shi aikin gida ba tare da bayani ba: kowace ƙwaya tana da maƙwabta uku, yana da tauri ko laushi, zai ɗauki wuta ko a'a? Da yawa sun ce zai ɗauka tunda akwai ilektiron na huɗu. Kaɗan ne suka lura cewa yawon nasa a jikin dunƙule ɗaya ya tsaya, tsallakawa zuwa na kusa kuma da wuya, don haka garinsa yana da laushi kuma ba ya ɗaukar wuta sosai. Su na ba cikakken maki.