Yadda muke bin sawun takardar neman aiki idan aka ji shiru

Shekara tara ke nan ina shirya wa mutane takardun neman aiki, kuma babu aikin da ya fi cin natsuwata kamar bin sawun takardar da aka tura ta intanet ba a kira mai ita ganawa ba. Na koyi sana'ar ne a hannun wata dattijuwa da ta daɗe tana tantance masu neman aiki. Har yau ina tuna yadda take mayar mini da wasiƙa ta ja layi a ƙarƙashin kowace jimlar da ke ɗauke da roƙo, tana cewa mai ɗaukar ma'aikata bayani yake nema, ba kuka ba.

Kwanan baya wata baiwar Allah ta zo mini ranta a ɓace, ta nemi aikin akanta, mako 3 ba labari. Ban fara da rubutu ba. Sai da muka buɗe shafin da ta cike fom, muka ga an rubuta Submitted, wanda ya tabbatar da cewa takardar ta tafi, domin sau da yawa mutum yakan adana fom ya ɗauka ya tura. Muka leƙa akwatin Spam na imel ɗinta, wato ma'ajiyar saƙonnin da ake zargin na banza ne, inda gayyata kan maƙale, ba mu ga komai ba. A nan ne na gano cewa ta riga ta aika saƙo har sau biyu zuwa adireshin da ya fara da noreply, wanda galibi ba mai karanta shi. Sannan lissafinta ma ya kauce, domin daga ranar rufe karɓar takardu ake ƙirga jira, ba daga ranar da mutum ya tura ba, kuma kwana 4 kacal aka yi da rufewa.

Na ce ta ƙara haƙuri har a cika kwana 10 da rufewa. Daga nan muka samo adireshin sashen ma'aikata a jikin sanarwar, muka rubuta jimla huɗu: sunan muƙamin da lambar shaidar da aka turo mata, ranar da ta nema, ƙwarewa ɗaya tak da ta dace da abin da suka nema, sai tambaya cikin ladabi ko an fara tantancewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwafe wasiƙa guda suna sayar wa kowa da araha, har da sunan wani kamfanin da suka manta ba su goge ba, sannan a zo ana yi mini ciniki da farashinsu. Ni sai na karanta sanarwar aikin daga farko har ƙarshe kafin in ɗora yatsa a kan madannai, kuma idan an rubuta cewa kada a tuntuɓe su, nakan gaya wa mutum gaskiya cewa ba za mu aika komai ba.

Ita dai an amsa mata bayan kwana biyu cewa ba a kammala tantancewa ba. Mun tsayar da cewa idan mako biyu suka wuce za ta sake tambaya sau ɗaya, kuma kafin nan muna shirya mata takardun wasu gurabe biyu.