Asarar da na ɗauko daga 2019 ta fi wadda haraji ya sani da miliyan 3

Har yau idan na ga adadin 900,000 sai raina ya ɓaci, domin da hannuna na jawo wa kaina shi.

A 2019 ƙaramin kamfanina ya rufe shekara da asarar miliyan 12 a littafin lissafi. Na san doka ta yarda mutum ya ɗauki asarar bana ya rage ta daga ribar shekaru masu zuwa, don haka na cike fam ɗin haraji a kan lokaci, na rubuta 12 ɗin nan yadda take, na kwanta da hankalina.

A 2020 muka samu ribar miliyan 4. Na cire ta daga 12, saura 8, babu harajin riba. A 2021 ribar ta kai miliyan 5, saura 3, nan ma babu. A 2022 kasuwa ta buɗe, muka ci miliyan 7. Na cire ragowar 3 ɗin, na biya kashi 30 cikin 100 na miliyan 4, wato miliyan 1.2.

Sai a 2024 aka zo binciken littattafanmu. Jami'in bai ma tsaya kan shekarun riba ba, fayil ɗin 2019 ya buɗe. Ya sa biro a kan layi uku ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan kashe kuɗi ne a wurinka, amma a wurin haraji ba su shiga." Na farko miliyan 2 ne da na ware don basussukan da nake zaton ba za a biya ba, alhali a lokacin babu ko ɗaya da ya tabbata ya mutu. Na biyu tarar 600,000 da muka biya kan saɓa wata ƙa'ida. Na uku 400,000 na hidimar gidana da ta bi ta asusun kamfani. Jimla miliyan 3. Asarar da haraji ya yarda da ita ke nan miliyan 9 ce.

A gabana ya sake lissafin. Daga 9 a cire 4 na 2020, saura 5. A cire 5 na 2021, asara ta ƙare ƙaf. Ashe na shiga 2022 ba ni da ko kwabo na ragewa, harajin miliyan 7 gaba ɗaya ya hau kaina, miliyan 2.1. Giɓin 900,000 ne, da aka ɗora tara da kuɗin ruwa ya haura miliyan ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kuskuren ya kwanta shiru shekara biyu. Ko da 12 aka yi lissafi ko da 9, harajin 2020 da na 2021 sifili ne, babu abin da zai tsikare ni in duba. Sai a 2022, shekarar da asarar ke ƙarewa a lissafina, bambancin ya fito fili, lokacin kuwa na riga na kashe kuɗin a kaya. Tun ran gini ran zane: da na zauna da akanta awa ɗaya a 2019 muka tace lissafin layi bayan layi, da ban shiga wannan ba. Alamar ma tana nan a fili. Idan asarar da ke littafinka da wadda ka rubuta a fam ɗin haraji sun zo daidai har kwabo, kusan ko yaushe ba a yi tacewar ba ne.

Na ɗan samu sauƙi ta gefe ɗaya. Cikin basussukan nan, wani na 800,000 ya mutu da gaske a 2023 bayan kamfanin da muke bi ya rushe, kuma da takardun shaida aka yarda in cire shi daga ribar wannan shekarar.

Yanzu ina da takarda guda mai layi ɗaya ga kowace shekara: asarar da aka shigo da ita, wadda aka yi amfani da ita, da ragowar da ta tsallaka. Kafin in rubuta komai a kai nakan sake karanta dokar, saboda ƙasashe sun bambanta. Wasu suna yanke shekarun da asara za ta iya jira, wasu suna yanke yawan ribar da za ta goge. A Amurka, asarar da aka yi daga 2018 ba ta goge fiye da kashi 80 cikin 100 na ribar shekara a yanzu. Da irin wannan doka ce a kaina, da ko a 2020 sai na biya haraji a kan 800,000 cikin miliyan 4 ɗin. Rasiɗan 2019 kuwa suna cikin akwati har yau, tunda su aka fara tambayata bayan shekara biyar.