Mita talatin a gonar mutum: yadda na fassara taƙaitaccen rahoton muhalli

Aikin da aka ba ni shi ne in mayar da taƙaitaccen bayanin wani rahoton tantance tasirin aiki ga muhalli zuwa Hausa. Layin wutar lantarki ne mai kilobolt 132 zai ratsa ta wasu ƙauyuka a nan arewa. Dokar da ta tilasta yin irin wannan rahoto a Najeriya tun 1992 take, kuma ƙa'ida ita ce a ajiye shi a fili kwana 21 na aiki, a wurare kamar sakatariyar ƙaramar hukuma, mutane su duba su kai ƙorafi. To amma fa da Turanci yake, ga kauri ga tebura, manomin da layin zai bi ta kan gonarsa ko ya je sakatariyar sai dai ya ɗaga ya ji nauyi ya ajiye.

Inda na fi shan wuya shi ne sakin layi ɗaya tal, wanda ke maganar filin da ake warewa a ƙarƙashin waya. Ga irin wannan layi faɗinsa mita 30 ne, 15 ta dama 15 ta hagu daga tsakiya, na kilobolt 330 kuwa mita 50 ne. Rubuta "mita talatin" ba kuskure ba ne, amma da na karanta wa wani dattijo da mai unguwa ya haɗa ni da shi sai ya ce, "Malam, mitar nan taku kamar daga ina zuwa ina?" Shi da fuloti ya saba, hamsin da ɗari. Sai na zauna na yi lissafi, mita 15 ƙafa 49 ce da ɗoriya, wato kusan faɗin fuloti ɗaya. Na rubuta: mita 30, wato kamar faɗin fuloti ɗaya ta wannan ɓangaren, ɗaya ta wancan. Lambar asali ban cire ta ba ko a wuri guda, domin in rigima ta tashi gobe da mita za a auna ba da fulotina ba.

Na ƙara da misali, bayan na nemi izinin masu rahoton, tunda ba huruminka ba ne ka cusa abin da babu a ciki ba tare da saninsu ba. In layin ya ratsa gonarka tsawon mita 100, filin da abin ya shafa murabba'in mita 3,000 ne, kusan fuloti shida da rabi kenan. Nan da nan dattijon ya gyara zama ya ce, "To filin nan an ƙwace shi kenan, ko zan ci gaba da nomawa?"

Wannan tambaya kuwa taƙaitaccen bayanin bai amsa ta ba, ya dunƙule komai a jimla ɗaya wai za a samu asarar ƙasa ta wucin gadi da ta dindindin. Dole na koma cikin babban rahoton, kuma wallahi duk wanda zai yi irin wannan aiki ya ce a ba shi cikakken, kada ya yarda da taƙaitaccen kaɗai. A can na ga abu uku ne daban. Inda ƙafafun turken ƙarfe za su zauna ya tafi har abada. Inda motoci za su bi lokacin aiki, amfanin shekarar ne zai lalace, baɗi ka koma. Sauran filin kuma rahoton ya ce kana iya shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, amma ba gini, ba rumbu, dogayen itatuwa kuma za a sare su. Jimlar Turanci ɗaya ta zama jimla shida a Hausa, aka ce min fassarar ta yi tsawo, na ce ai ba da awo ake sayar da ita ba.

Maganar itatuwan nan ita ma ba ƙarama ba ce. Rahoton da sunayen Latin ya jera su, kuma in ka yi kasala ka ce "itatuwa masu amfani" ka kashe maganar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, mangwaro. Da aka karanta wa mata a gidan mai unguwa, jin kaɗanya da ɗorawa ne ya sa suka fara magana, domin man kaɗe da daddawa nasu ne, gonar kuwa da sunan maigida za a rubuta ta.

Sai kuma "za a". Hausa tana da daɗin ɓoye mai aiki, za a yayyafa ruwa saboda ƙura, za a gyara hanya, za a biya diyya, kowa ya ji ya ce madalla, ba wanda ya san ƙofar wa zai buga in ba a yi ba. A bayan rahoton akwai teburin da ya nuna wa ke da alhakin kowane mataki, daga nan na riƙa ɗauko sunan mai aikin: ɗan kwangila ne zai yayyafa ruwa, masu layin ne za su biya. Haka nan inda Turancin ya ce abu yana iya faruwa, na bar shi a "mai yiwuwa", ban mayar da shi tabbas ba, ban kuma rage masa kaifi ba. Wani daga cikin masu aikin ya so in sassauta inda aka ce illar sare itatuwa babba ce, wai kada mutane su tsorata, na ce su fara canzawa a nasu su sa hannu sannan in bi.

Diyya ce ta fi komai haɗari. Mutum in ya ji diyya, kuɗin gonarsa yake tsammani a farashin kasuwa. Alhali a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da ake biya galibi shi ne abin da ke kanta, amfanin gona, itatuwa, gini. In kuma da kuɗin Bankin Duniya a aikin, ƙa'idarsu ita ce a biya abin da zai isa ka maye gurbin abin da ka rasa, ba a rage kuɗin tsufan gini. Don haka duk inda diyya ta fito sai na biyo ta da diyyar mene ne. Ranar rufe ƙidayar abubuwan da za a biya diyyarsu kuwa na ware mata layi nata da manyan baƙaƙe, cewa duk abin da aka gina ko aka dasa bayan ranar ba ya cikin lissafi, saboda na san akwai masu zuga mutane su kafa bukkoki da dare.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Da farko dai na ba wata abokiyar aiki Hausar kaɗai ta mayar Turanci, muka gwada da na asali, lambobi duk sun dawo daidai. Amma wannan ba ya nuna ko an gane. Ainihin gwajin shi ne a karanta wa wanda bai yi boko ba da babbar murya, kada ka ce masa "ka gane?" domin kunya za ta sa ya ce eh, ce masa za ka yi, "Baba, in maƙwabcinka ya tambaye ka me aka ce kan rumbunsa, me za ka gaya masa?" Inda ya kauce, nan jimlarka ta karkace. A ƙarshe mun naɗi muryar karatun aka riƙa turawa ta waya, kuma a ciki sau biyu muka maimaita inda ake kai ƙorafi da ranar da kwana 21 ɗin za su cika, tunda ba a lissafa Asabar da Lahadi a ciki.