Gishirin da na manta yana cikin ruwan

A shekarata ta ƙarshe ta karatu a Maraɗi aka ba ni aikin ware inzayim ɗin amilez, furotin mai narkar da sitaci, daga gero mai tsiro. Na niƙa tsiron a ruwan bafa mai sanyi, wato ruwan da ke hana tsami canzawa, na tace, na samu mililita 80 na ruwa mai ɗauke da furotin iri-iri. Abin da ya rage shi ne in rage tarkacen da gishirin amoniyam salfet. Manomanmu sun san shi a matsayin takin zamani, amma na buhun kasuwa ba ya wannan aiki, don yana iya zuwa da dattin ƙarfe mai kashe inzayim.

Furotin yana zama a narke ne saboda ruwan da ya lulluɓe shi. In gishiri ya yi yawa, sai ya janye ruwan nan, furotin ya manne da ɗan'uwansa ya kwanta. Kowane furotin da inda nasa haƙurin yake ƙarewa, shi ya sa ake zuba gishirin kashi-kashi. Malaminmu ya ce in fara kai ruwan kashi 30 cikin ɗari na ƙoshi, in zubar da abin da ya kwanta, sannan in kai shi kashi 60 in kwashe na biyun. Ƙoshi a nan yana nufin iyakar gishirin da ruwa zai iya shanyewa, kuma yana canzawa da zafi. Tunda cikin ƙanƙara nake aiki, lissafin digiri 0 na ɗauka:

```
g/L = 515 × (S2 − S1) / (100 − 0.27 × S2)
```

S1 shi ne ƙoshin da ruwan yake da shi yanzu, S2 wanda ake son kaiwa. A digiri 20 kuwa 533 da 0.3 ake sawa a madadin 515 da 0.27.

Zagayen farko ya tafi daidai. Daga 0 zuwa 30, lissafi ya ba ni giram 168 a kowace lita, wato giram 13.4 ga mililita 80. Na daka gishirin ya yi laushi, na riƙa barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ina juyawa a hankali. Zuba shi gaba ɗaya yana sa inda ya sauka ya wuce ƙoshin da ake so, wasu furotin su kwanta tun lokacinsu bai yi ba. Kumfa ma ba a sonta, don tana lalata furotin. Na bar shi minti 30 a ƙanƙara, wadda a zafin Afrilu sai da na sake saye sau biyu a bakin hanya, sannan na juya shi minti 20 a santirifuj, injin da ke juyi da sauri don tara abin da ya kwanta a gindin bututu.

A zagaye na biyu na yi ɓarnar. Na sake sa 0 a gurbin S1, kamar ruwan sabo ne, alhali gishirin kashi 30 yana cikinsa. Lissafi ya ba ni giram 369 a lita, na auna giram 31.3 ga mililita 85 da ruwan ya koma, na zuba. Abin da ya kwanta ya yi kauri sosai, har na yi murna. Kashegari na auna furotin, ya fito da yawa, amma ƙarfin inzayim a kowane miligiram na furotin da ƙyar ya ɗara na ɗanyen ruwan farko. Na tattara komai wuri ɗaya ne kawai, ban ware komai ba.

Malam ya duba littafina, ya ɗora yatsa kan sifilin. "Wannan fa?" Na ce, "Malam, mantuwa ce." Ya sa na juya lissafin baya, sai ga shi ruwan ya kai wajen kashi 85, inda kusan duk furotin ke kwantawa.

Abu ɗaya na yi daidai ran nan, na sake auna ruwan bayan juyin farko. Gishiri yana ƙara yawan ruwa da kamar rabin mililita a kowane giram, abin da ya kwanta kuma yana tafiya da kaɗan, shi ya sa 80 ta koma 85. Da na sa 30 a S1 da 60 a S2, giram 184 a lita zan samu, wato giram 15.7 ga mililita 85, rabin abin da na zuba.

Da na maimaita aikin da sabon tsiro, abin da ya kwanta ɗan kaɗan ne a gindin bututu. Na narkar da shi a bafa mililita 5, na ɗaure a jakar dayalisis ya kwana cikin firij, na canza ruwan waje sau uku don gishirin ya fita, domin in ya rage yana ɓata awon furotin na hanyar Lowry. Na kuma gwada kashi ukun duka da sitaci da aidin: wanda ya kwanta a 30, wanda ya kwanta a 60, da ruwan da ya rage a sama. Sitaci da aidin suna yin shuɗi, amilez kuma yana share shi. Na 60 ne ya fi saurin share shuɗin, amma ruwan sama ma ya share kaɗan, don haka Malam ya ce a gwaji na gaba in kai S2 kashi 70.