Bashin da ya juye hannun jari: abin da na gani a kamfanin albasa

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis da littattafan lissafi, don haka bari in rubuta wannan saboda matasan Sakkwato da ke kafa kamfanoni suna neman masu zuba jari. Kamfaninmu na sayen albasa daga manoman Goronyo da Wurno, mu adana ta har farashi ya tashi, mu tura Legas. Ni ne akawu. Mutum biyu suka kafa shi, suna da hannun jari 1,000,000 a tsakaninsu, kuma babban cikinsu, wanda muke ce wa Oga, shi ke da maganar ƙarshe.

Da muka buƙaci kuɗin gina rumbuna, wani attajiri ya ba da naira miliyan 20 a kan takardar da lauyoyi ke ce wa kombatibul not. Bashi ne, yana da kuɗin ruwa da wa'adi, sai dai an ƙulla cewa ranar da wani sabon mai zuba jari ya shigo, ba za a biya da kuɗi ba, za a juya bashin ya zama hannun jari. Abin da ke jan hankalin masu kafa kamfani shi ne ba sai an zauna cinikin darajar kamfani a ranar ba, kuma takardar gajeriya ce. Tamu ta ce ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara, wa'adi wata 24, rangwame kashi 20 a kan farashin hannun jarin da sabon mai jari zai biya, sai wani layi guda da ya ce rufin daraja, wato kaf, naira miliyan 100. Ƙarƙashinsa an rubuta cewa mai bashi zai ɗauki wanda ya fi masa riba tsakanin rangwame da rufin.

Na ɗauki takardar na shiga wurin Oga. Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan layin na miliyan 100 shi zai ci mu, a ba lauya ya duba." Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Kai akawu na, ba lauya ba. Alhaji mutumin kirki na." Ya sa hannu bayan la'asar. Alhajin mutumin kirki ne kuwa, bai ɓoye komai ba, duk yana rubuce.

Shekara biyu ta kusa cika sai wani kamfanin zuba jari ya amince zai sa miliyan 60, ya yi wa kamfaninmu daraja miliyan 300 kafin kuɗinsa su shiga. Raba miliyan 300 da hannun jari miliyan ɗaya, kowane ɗaya ya kama naira 300, sabon mai jari ya sami 200,000. Bashin Alhaji da ruwansa ya kai miliyan 24, domin ruwan ma juyewa yake, ba uwar kuɗi kaɗai ba. Oga ya lissafa da rangwame: naira 240 kowane hannun jari, Alhaji ya sami 100,000. Jimla 1,300,000, masu kafawa na riƙe da kusan kashi 77. Da wannan lissafin ya yi ta yi wa mutane albishir.

Amma rufin daraja cewa yake, komai tsadar da kamfani ya yi, Alhaji zai saya kamar darajarsa miliyan 100 ce. Wato naira 100 kowane hannun jari, ya tashi da 240,000. Jimla ta koma 1,440,000, masu kafawa suka sauko kashi 69 da 'yan kai. Mutumin da ya kawo miliyan 20 ya fi wanda ya kawo miliyan 60 kaso. Duk yadda darajar kamfani ta zarce rufin, haka rangwamen ke zama ado kawai. Gane wanda zai yi aiki ba wuya: cire rangwamen daga darajar da kake fatan samu, in abin da ya rage ya fi rufin, to rufin ne zai hau kanka. A namu, miliyan 300 a cire kashi 20 saura 240, ina 240 ina 100.

Wani zai ce kashi 8 ne kawai bambancin. To, a dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, akwai shawarwarin da ba sa wucewa sai da ƙuduri na musamman, wanda ke buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa: gyara kundin dokokin kamfani, sauya sunansa, rage jarinsa. Da kashi 77 su biyun suna iya yi su kaɗai. Da kashi 69 sai sun roƙi wani. Ranar da Oga ya fahimci haka, ni ya kira gaban abokinsa ya ce ban nuna masa lissafin ba tun farko. Takardar da na rubuta masa a wancan lokacin tana nan cikin fayil, da kwanan wata. Ban fito da ita ba, ɗan'uwan mahaifiyata ne ya kawo ni aikin.

Wani abin da ya hana mu barci shi ne wa'adi. Takardar ta ce juyawa ba ta wajaba sai sabon jarin ya kai aƙalla miliyan 50. Da bai kai ba, ko da ya makara, Alhaji na da ikon cewa a biya shi miliyan 24 lakadan, alhali kuɗin sun zama bulo da kwano da albasa. Shi ya sa sabon mai jari ya ja mu a ƙasa da sharuɗɗansa, ya san kwanakinmu ƙirgaggu ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka sa hannu, nemi a rubuta abin da zai faru in wa'adi ya cika ba a sami jari ba: a juya a kan darajar da aka yanka tun yanzu, ko a ƙara lokaci. Mun ci sa'a ɗaya, bashin da naira ne. Waɗanda suka karɓa da dala kafin a saki naira a watan Yunin 2023 sun ga bashinsu ya ninka ba tare da sun karɓi ko kwabo ƙari ba.

Batun ruwa kuwa, a garin nan ba sai na faɗa ba, ni kaina bai kwanta mini ba. Akwai wata takarda makamanciyarta mai suna SAFE da Y Combinator, kamfanin Amurka mai zuba jari a sabbin kamfanoni, ya fito da ita a 2013, ba ta da ruwa, ba ta da wa'adi, amma rufin daraja na nan a cikinta yana aikinsa iri ɗaya. Ka kai ta wurin malamin da ya san mu'amala, ka kuma kai ta wurin lauya, kowa da abin da zai gano.

Sauran a taƙaice. Sabon hannun jari ba ya samuwa da baki, sai an yi ƙudurin ƙara jari an shigar a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, an biya kuɗinsa, don haka ka sa wannan a kasafi. Masu hannun jari na da haƙƙin a fara yi musu tayi kafin bare, sai ka karɓi yafewarsu a rubuce. Ka tambaya ko darajar da aka faɗa maka ta kafin shigar kuɗi ce ko ta bayan shigarsu, kuma ko an ƙirga hannun jarin mai bashi a ciki. Ka duba fifikon biya, wato abin da mai jari zai fara ɗauka kafin kowa in an sayar da kamfani: ninki ɗaya na abin da mai jari ya zuba shi ne na al'ada, namu ya nemi biyu, ni na tsaya har ya sauko. A taron da aka sanar da haka, Oga ya ce shi ya yi cinikin.