Kuskure ɗaya, maki kala uku

Mu uku muka raba takardun jarrabawar gwaji ta lissafi na 'yan SS3, kowa da ajinsa. Tsarin ba da maki ɗaya ne a hannunmu, don haka babu wanda ya kawo wa ransa za a samu saɓani. Sai da aka raba wa ɗalibai takardunsu, wasu 'yan mata biyu suka zo ofishin malamai suka shimfiɗa nasu a kan teburina, suka ce, "Malam, don Allah duba lamba ta shida."

Tambayar a kan gwangwani ce, faɗin bakinsa santimita 14, tsayinsa 10. A nemo abin da zai ɗauka, maki huɗu, sannan a mayar da shi lita, maki biyu. Sai an raba 14 gida biyu kafin a sa a πr²h, a samu 1540, wato lita 1.54. Dukansu biyun sun zuba 14 yadda take, suka samu 6160, suka raba da 1000 daidai, suka rubuta 6.16. Ɗaya an ba ta sifili saboda amsa ba ta yi ba. Ɗaya an ba ta huɗu. Da na koma ajina, uku nake bayarwa. Mai sifilin nan ta tashi da 47, ƙawarta da 51, kuma daga 50 kiredit ke farawa. Har yau in na tuna yadda ta tsaya tana kallona sai raina ya ɓaci.

Tsarin namu ya faɗi makin amsa daidai, amma ya yi shiru a kan yaron da ya ɗauko kuskure daga sama ya yi aiki da shi daidai a ƙasa. A wannan giɓin ne kowa ya yi hukunci da ra'ayinsa. Muka zauna muka yanke cewa kuskure ɗaya sau ɗaya ake hukunta shi: a cire makin raba 14 da na amsar farko, a bar mata na dabara da na mayarwa lita, ta tashi da huɗu. Muka karɓo takardun duka muka sake bin lamba ta shida.

Tun daga nan ba ma raba aiki aji-aji. Tambaya-tambaya muke rabawa, mai lamba ta shida shi zai bi ta a kowace takarda. Kafin a fara kuma sai mun yi fotokwafin takardu goma, kowa ya duba shi kaɗai, mu gwama. Akwai falle guda da nake ajiyewa a gefe, duk sabon kuskuren da ya ɓullo in rubuta shi da abin da aka cire. Mai wahalar ita ce komawa baya: in hukunci ya fito a takarda ta tamanin, dole ka waiwayi saba'in da tara da ka wuce, ko da ido ya gaji, domin irin 6160 ɗin nan ba ya zuwa shi kaɗai.